Sin(1/x) a kusa da sifili

Jiya ina koya wa ƙanena lissafi a Agege ya tsaya kai da fata wai sin(1/x) na da limit a sifili. Na ce ɗauki x = 1/(nπ), amsa 0 ce kullum, amma in ka ɗauki x = 1/(2nπ + π/2) sai ta zama 1, kuma duka biyun matsowa sifili suke in n na girma, to wanne za mu kama? Babu. Shi kuwa x·sin(1/x) daban ne, tunda sin ba ya wuce 1 ko -1, abin na maƙale tsakanin -|x| da |x|, dole ya bi su zuwa 0. A x = 0.001 girmansa ba zai haura 0.001 ba. Wallahi na ji daɗi da ya gane!