Ƙarfi yana nan, saiti ne babu: abin da sashen gashi ya koya mini

A nan Garwa, idan aka ce hawan jini ya buge mutum, abin da kowa ke jira ya gani shi ne hannu ya saki, ƙafa tana ja, baki ya karkace. In ba a ga haka ba, sai a ce zazzaɓi ne ko taifot, wasu ma su ce iska ce. Aikin da nake yi a sashen gashi na asibiti, inda ake motsa gaɓoɓin marasa lafiya, ya nuna mini cewa akwai bugun da ba ya taɓa ƙarfi ko kaɗan. Wannan shi ne wanda ke samun ƙaramar ƙwaƙwalwa, wato sarabelum, wadda ke zaune can ƙasa ta wajen ƙeya.

Wani dattijo tela ne ya fi zaunar mini da wannan karatu. Ya haura shekara 60, yana da hawan jini, amma magani sai ya ga dama. Bayan sallar asuba jiri ya kwashe shi farat ɗaya, ga amai, ga ciwo a ƙeya, ya kasa tsayuwa. Washegari aka kira ni ɗakin da aka kwantar da shi. Na ce, "Baba, matse mini yatsu." Ya matse har sai da na ji a jikina, dama da hagu duk ɗaya. Ya yi dariya ya ce, "Ɗana, ƙarfina na nan, ƙasa ce ba ta tsayawa wuri guda."

Sai na ɗaga yatsana a gabansa, nesa yadda sai ya miƙe hannu sosai kafin ya kai, na ce ya taɓa shi da manuniya sannan ya taɓa hancinsa. Hagu ta tafi ta dawo lafiya lau. Dama ta taso daidai, amma da ta kusa yatsana sai ta fara rawa, ta wuce, ta dawo, ta sake wucewa. A komowa kunci ta sauka maimakon hanci. Hannun nan yana ajiye a cinya shiru yake, sai ya nufi wani abu rawar ke tashi, kuma tana ƙaruwa yayin da yake kusantar abin. Nan ta bambanta da karkarwar ciwon Fakinsin, wadda ta fi fitowa lokacin da hannu ke hutawa. Na sa ya riƙa juya tafin hannu a cinya, ciki da baya, da sauri: na dama ya rikice, bugun ba tsari. Yana kwance na ce ya ɗora dunduniyar dama a gwiwar hagu ya zame ta bisa ƙwauri, sai ta dinga kaucewa gefe da gefe.

Ɗansa da ke jinya, ɗan makaranta ne, ya ce, "To ashe ɓangaren hagu na kansa ne ya taɓu." Haka dokar take a babbar ƙwaƙwalwa, ciwon hagu a dama yake nunawa, amma a nan ba haka ba ne. Saƙon da ya fito daga ɓarin dama na ƙaramar ƙwaƙwalwa yana tsallakawa zuwa hagu na babbar, umarnin da ya sauko daga can kuma ya sake tsallakowa. Tsallake biyu ya mayar da shi gida, don haka alamu suna fitowa a gefen da ciwon yake. Gordon Holmes, likitan Birtaniya da ya duba sojojin da harsashi ya samu a ƙeya a Yaƙin Duniya na Farko, ya bayyana yawancin waɗannan alamu a 1917, kuma har yau da yatsa da hanci muke neman su.

Da muka tsayar da shi mu biyu, ya ware ƙafafu, yana rinjaya dama, idonsa a buɗe tarwai. Wannan ma ina lura da shi sosai. Mai ciwon suga da jijiyoyin ƙafarsa suka mutu yana tsayawa daidai muddin yana kallo, sai ya rufe ido yake tangaɗi. Wanda ƙaramar ƙwaƙwalwarsa ta taɓu, ido ba ya cetonsa. Ƙwayar idon Baba kuma tana fizga idan ya kalli gefe, maganarsa tana fita gaɓa-gaɓa kamar ta wanda ya bugu, alhali bai taɓa kai giya baki ba.

Kwanakin farko su ne na tsoro. Wurin ƙeyar nan matsattse ne. Idan ɓangaren da jini ya yanke wa ya kumbura, galibi tsakanin kwana na 2 da na 4, yana iya toshe hanyar ruwan ƙwaƙwalwa, ya danne tushenta inda numfashi yake. Shi ya sa na gaya wa ɗansa cewa in ya ga barci yana yawa, ko ana tashinsa da ƙyar, kada ya ce hutawa yake, ya kira likita nan take. Hoton sikana na ranar farko ma yana iya fita ba a ga komai ba, domin ƙasusuwan wurin suna ɓata hoton.

Me ya sa ƙarfi yake nan amma motsi ya lalace? Umarnin motsi daga babbar ƙwaƙwalwa yake fitowa. Ƙaramar tana karɓar kwafinsa, tana kuma karɓar rahoto daga gaɓoɓi da ido da cikin kunne, ta gwada abin da aka nufa da abin da ke faruwa, ta daidaita lokacin da kowace tsoka za ta kama da lokacin da za ta saki. Kamar maigidan shago ne tsaye bayan yaronsa: ba shi ke ɗinkin ba, amma shi ke hana layi karkacewa. Girmanta kusan kashi 10 cikin 100 ne na ƙwaƙwalwa, amma fiye da rabin ƙwayoyin jijiyar ƙwaƙwalwa a cikinta suke.

Koyo ma a nan yake. A cikinta akwai manyan ƙwayoyi da wani masani mai suna Purkinje ya bayyana a 1837. Kowace ɗaya tana karɓar saƙonni sama da 100,000 daga siraran zaruruwa, sannan akwai zare guda tak mai ƙarfi da ke hawa jikinta, wanda ke bugawa idan motsi ya kauce. Masana biyu, David Marr a 1969 da James Albus a 1971, suka kawo ra'ayin cewa bugun wannan zare ne ke sauya ƙarfin mahaɗan da siraran zaruruwan ke yi da ƙwayar, daga baya Masao Ito ya nuna hakan a gwaji. An kuma gwada a mutane da tabarau mai karkatar da gani. Lafiyayye yana jifa ya kauce, bayan 'yan jifa ya gyara, in an cire tabarau ya kauce ta ɗaya gefen na ɗan lokaci. Mai ciwon ƙaramar ƙwaƙwalwa yakan yi ta kaucewa wuri ɗaya.

Wannan ya sauya yadda nake gashi. Ba wa irin Baba ƙarfe ya ɗaga ɓata lokaci ne, a ganina. Tunda mai gyaran ne ya raunana, sai mu rage masa aiki: gwiwar hannu a kan tebur, gaɓa ɗaya ke motsi, a hankali, ido na kallo, a maimaita har a gaji. Zama kafin tsayuwa, tsayuwa kafin taku. Kofin shayi rabi muke zubawa, ya riƙe da hannu biyu, domin a bakin leɓe yake zubewa.

Ba kowane mai tangaɗi ne bugun jini ba, kuma tambayar da ta fi raba mini su ita ce yadda abin ya fara. Wanda ya daɗe yana shan giyar arki, tsakiyar ƙaramar ƙwaƙwalwa ke lalacewa a hankali, ƙafafu biyu su rikice, hannaye da sauƙi. Mai farfaɗiya da maganin fenitoyin ya yi wa yawa, gefe biyu ne, kuma yakan warware in likita ya gyara awon. Yaro mai amai da sassafe da ciwon kai da tangaɗi da ke ƙaruwa mako-mako, ƙari ake tsoro, hoto yake bukata da gaggawa. Na Baba farat ɗaya ne, gefe ɗaya, ga hawan jini.

Bayan 'yan watanni ya koma shago, yana tafiya da sanda. Taka keke ya dawo masa kafin hannu. Yanka da almakashi da zura zare a allura kuwa yaransa ya bar wa, maganin hawan jinin ma ɗansa ne ke miƙa masa kullum da safe.