Ranar da na ƙarar da tukunyar kashe gobara a kan iska

Ni dai ina aiki ne a wani sito a Ijora, nan Legas, kayan abinci muke ajiyewa, katan-katan na taliya da tumatirin gwangwani da su man gyaɗa. Shekara uku ina wucewa ta gaban jar tukunyar kashe gobarar da ke rataye a bakin ƙofa, kullum ina ganinta, kuma wallahi a raina na ɗauka na iya aiki da ita, tunda ai abu ne mai sauƙi, ka ɗauka ka matsa ka fesa. Sai ranar da abin ya faru na gane ban san komai a kanta ba.

Wajen la'asar ne aka ɗauke wuta, yaron da ke taya mu lodi ya je bayan sito zai ƙara wa ƙaramin janareto fetur, kuma bai kashe shi ya bari ya huce ba. Man ya zuba a jikin injin da kan siminti, kafin ka ce me wuta ta tashi. Allah ya taimaka yaron ya ja baya da jarkar bai jefar da ita a wurin ba. Ni na fi kowa kusa da tukunyar, mai kilo 6 ce ta hoda, na fizgo ta na yi wajen a guje.

Matsala ta farko tun kafin in fesa komai ta same ni. Akwai wani fil na ƙarfe mai zobe da ke ratsa hannun tukunyar, an ɗaure shi da 'yar siririyar roba, shi ke hana a matsa hannun bisa kuskure. Na ja na ja ya ƙi fita, na ɗauka tsatsa ce ta kama shi. Ashe ni ne na riƙe shi da kaina. Hannun tukunyar biyu ne, na ƙasa na ɗauka ne, na sama shi ake matsawa, to ni saboda ruɗewa na damƙe su duka biyun tare, na saman ya danne fil ɗin ya matse shi a raminsa, ko ƙato ne ba zai iya zare shi a haka ba. Da na sassauta hannuna ban ma sani ba, sai ga shi ya fito salin alin. Yanzu abin da nake yi shi ne in dire tukunyar a ƙasa, in tallafe wuyanta ko in riƙe hannun ƙasa kaɗai, in ɗan murɗa zoben robar ta tsinke, sannan in ja shi a miƙe. Ba ya ɗaukar sakan biyu.

Matsala ta biyun ita ce wadda har yau take damuna. Da fil ya fita sai na ɗaga tiyon na nufi harshen wutar, wato wancan jan abin da ke tashi har ya kai tsayin ƙirjina, tunda shi idona ke gani kuma shi ke ba ni tsoro. Na matsa hannun har ƙarshe ban saki ba. Farin gari ya turnuƙe wurin, wutar ta yi kamar ta kwanta, har na ji wani yana cewa ta mutu, ta mutu. Da ƙurar ta ɗan lafa sai ga ta nan ta dawo kamar ba a yi komai ba, na sake matsawa sai iska kawai ke fita fuuu, tukunya ta ƙare. Ina rantsuwa a raina na ɗauka zan yi minti biyu ko uku ina fesawa. Mai kilo 6 in ka danne ba ka saki ba, abin da za ta ba ka bai wuce kamar sakan goma sha biyar ba, mai kilo 9 ma ɗan abin da ta ɗara kaɗan ne. Duk wannan nauyin da kake ɗauka, lokacin da ke cikinsa ke nan.

Baban da ke gadin ƙofarmu ne ya kashe ta, dattijo ne ya daɗe yana gadi a wuraren ajiyar mai a Apapa kuma an sha koya musu a can. Ya zo da tukunya ta biyu mai kilo 9, bai ma tsaya inda na tsaya ba, sai ya zagaya ta ɗaya gefen yadda iska za ta riƙa bugun bayansa. Ya ɗan fesa sau ɗaya a gefe, ya tsaya kamar taku uku daga wutar, ya ɗan rusuna, ya riƙe tiyon kusa da bakinsa ya saita shi ƙasa daidai bakin inda man ya malalo ta wajensa. Sai ya fara kaɗa tiyon dama da hagu, dama da hagu, kamar mai share tsakar gida da tsintsiya, yana tura wutar baya yana matsawa gaba a hankali har ya kai ga jikin janareton. Da ta mutu ya saki hannun, kuma da sauran hoda a tukunyarsa.

Da hankali ya kwanta na ce masa Baba, ni fa na fesa tawa duka ba ta yi komai ba, ko lalatacciya ce? Ya ce ɗana tukunyarka lafiyarta ƙalau, hayaƙi ka yi ta fesawa. Ya nuna min simintin ya ce abin da ke ci yana nan ƙasa, fetur ne ke fitar da tururi, tururin ne ke kamawa ya tashi sama, to kai ka bi na saman ka bar mai haifar da shi. Hodar da ka watsa a sama ta ratsa harshen wuta ta wuce ta sauka can bayan katanga. Dole sai ta sauka a kan abin da ke ci, ta shiga tsakaninsa da iska ta katse cin wutar daga tushe.

Wannan maganar sharar ma da farko na ɗauka salo ne kawai, sai da aka kawo mana wani tsohon ɗan kwana-kwana ya yi mana horo bayan sati biyu na fahimci dalilinta. Ya zuba mai a faffaɗan tire na ƙarfe ya kunna, ya ce in fesa tsakiya kawai kar in motsa hannu. Tsakiyar ta mutu, gefe da gefe na ci, ina sakin hannu wutar gefen ta sake rufe tsakiyar nan take. Wato in ka bar ko tafin hannu ɗaya yana ci a kan fetur, shi zai sake kunna duk inda ka kashe. Shi ya sa ake farawa daga bakin da ke kusa da kai, kuma kowace kaɗawa sai ta ɗan wuce iyakar wutar ta dama da ta hagu, ba a tsallake wuri, ba a kuma yin gaba sai na gabanka ya mutu. In ka fara daga can nesa, wutar da ke kusa da ƙafarka tana nan, ka shiga tsakiyarta ke nan.

Ya kuma nuna mana illar matsowa da yawa, abin da ban taɓa tunani ba. Hodar da ƙarfi take fita, in ka kafa bakin tiyo dab da man da ke kwance, ƙarfin zai fantsama man ne ya watsa wutar inda ba ta kai ba. Kamar mita biyu zuwa uku ake farawa, sai a riƙa matsowa yadda wutar ke ja da baya. Ita kuma 'yar fesawar gwajin da Baba ya yi a gefe, don ka tabbatar tukunyar na aiki ne tun kana nesa, kuma ka ga inda iska ke kai garin. Nan Legas ga danshi ga jijjigar manyan motoci, hoda takan dunƙule a gindin tukunya in ta daɗe a ajiye, sai ka ga allurar agogonta mai nuna ƙarfin iskar da ke ciki tana kan kore amma abin da ke fita bai taka kara ya karya ba. Ya ce lokaci-lokaci mu riƙa sauke ta mu juya ta a hankali mu kara kunne, in lafiya take za ka ji garin yana zubowa ciki kamar yashi.

A ofis ɗinmu wajen kwamfuta akwai wata daban mai baƙin tambari da faffaɗan baki kamar kakaki, an rubuta CO2 a jikinta, wato iskar gas ce a cikinta ba hoda ba. Ita ba ta da agogo, da awo ake sanin ko ta cika, kuma ba ta kai nisan mai hoda ba, sai ka ɗan fi matsowa. Gargaɗin da ya yi mana a kanta shi ne kar a riƙe kakakin da hannu lokacin fesawa, sanyin da yake yi yana ƙona fata. A fili inda iska ke kaɗawa kuma ba ta cika amfani ba don iskar na kwashe ta, a ɗan ƙaramin ɗaki kuwa kana gamawa ka fita saboda numfashi. Ruwa dai a kan fetur ko man girki ko abin da ke jone da lantarki, wannan ko kusa.

Akwai abin da Baba ya yi bayan wutar ta mutu wanda a lokacin ban kula ba. Bai juya ya tafi ba, da baya-baya ya ja, idonsa na kan janareton tiyo na hannunsa, ya tsaya a haka kusan minti goma. Hoda tana kashe wuta amma ba ta sanyaya ƙarfe, injin na nan da zafinsa, man da ya rage na nan yana tururi, tana iya sake tashi. Shi ya sa ake sakin hannu da zarar ta mutu a bar saura. Kuma duk wannan abin ƙofar fita tana bayansa, bai taɓa yarda wutar ta shiga tsakaninsa da hanya ba. Malamin horon ya ce mana tukunyar nan ta ƙaramar wuta ce wadda ta fara yanzu, in ta kama rufi ko hayaƙi ya cika ɗaki ko ka ƙarar da guda ba ta mutu ba, a fita kawai. Kuma tun farko a sa wani ya kira 112 ko 767, lambobin gaggawa na jihar Legas, yayin da kai kake fesawa, don mu ranar babu wanda ya kira kowa, duk mun tsaya kallo, ga katan-katan na man gyaɗa taku kaɗan daga wurin.

Washegari na ɗauki tukunyar Baba zan mayar da ita kan ƙugiyarta tunda na ji da sauran nauyi, ya ce a'a ajiye ta nan tare da taka. Wai duk tukunyar da aka matsa ko sau ɗaya ne, garin yakan maƙale a bakin bawul ɗin ya hana shi rufewa ruf, iskar da ke tura hodar sai ta riƙa sulalewa a hankali. Ban gama yarda ba sai na bar ta a lungu ina dubawa, kwana biyu allurar ta sauka daga kore ta koma ja, ga hoda a ciki amma babu abin da zai turo ta. Ranar Litinin muka kai su biyun aka sake cikawa, aka sa sabon fil da sabuwar roba, na rubuta kwanan watan a jikin kowacce da maka.