Godiya Bayan Munaƙasha

Alhamdu lillahi, an yi munaƙasha, wato zaman kare kundin bincikena, lafiya, kundin ya wuce. Har yanzu jikina bai dawo daidai ba, amma bai kamata godiya ta kwana ba.

Zan fara da mushrif ɗina, malamin da ya duba min aikin, Allah ya ƙara masa daraja. Tun makon da aka koma makaranta ya ce in fara lissafi daga ƙarshe. Ya cire wata guda na karatun kwamiti, wata guda na gyara da bugu, ya cire makonnin jarrabawar ɗalibaina, da Ramadan da Hajji, tunda wanda ke zaune a Makka ba ya rabuwa da baƙi a lokutan nan. Sai ga shekarar ta koma wata bakwai, babi biyar kuma suna jira. Muka yanka wa kowane babi mako shida. Ya ce in na miƙa babi kada in zauna jiran gyara, in shiga na gaba.

Daga Lahadi zuwa Alhamis ina aji, saboda haka rubutu ya koma awa ɗaya da rabi kafin Asuba, shafi ɗaya kowace rana. Da dare karatu kawai nake yi, don wanda ya wuni da alli ba ya iya ɗaura jimla. Safiyar Asabar ta laburare ce, Juma'a ta iyali. Ya kuma gargaɗe ni cewa duk makon da na karanta littattafai amma shafi bai ƙaru ba, aiki ya fara zamewa.

Inda na tsorata shi ne takardun tambayoyi. Izinin shiga makarantu ya makara, ya fito ana dab da jarrabawa, lokacin da ba malamin da ke da sararin cike komai. In ba su dawo kafin hutu ba, babi na huɗu ya tsaya, shekarar ta tafi. Ina zaune a ɗakin malamai da tulinsu a gabana, hannuna na rawa, sai malamin lissafinmu ya ɗebi rabi ya zuba a jakarsa. Ya ce, "Malam, kai ka bi na Aziziyya, sauran ka bar mini." Bayan tashi ya riƙa bin makarantun cikin zafin nan da motarsa, ko kuɗin mai ya ƙi karɓa. Na san ba ya son a faɗa, amma na faɗa.

Uwargida, ke kika riƙe baƙin Umra da yara ni ina kulle a ɗaki. Allah ya biya ki da Aljanna, ya raya mana zuriya, ya jiƙan iyayenmu.

'Yan uwan da ke nan Jidda, tafiyar awa guda, na so in gan ku a zauren ranar. Wataƙila uzuri ne ya riƙe ku. Allah ya bar zumunci.