Famfo ba shi ne ke kawo -70 mV kai tsaye ba

A shekarata ta farko a sashen lafiya nan Damagaram, na rubuta a jarrabawa cewa ƙarfin lantarkin cikin ƙwayar jijiya yana zama a -70 mV, wato milivolt, saboda famfon sodiyom da potasiyom yana fitar da sodiyom, wato Na+, guda uku yana shigo da potasiyom, wato K+, guda biyu. Malamin ya ja jan biro a ƙarƙashin layin, ya rubuta a gefe: "To in an tsayar da famfon yanzun nan fa?" Sai da na yi kusan mako ina juya wannan tambaya. Yanzu da nake taimaka wa ƙannenmu 'yan shekarar farko da bita, kusan kowa da wannan kuskuren yake zuwa mini, shi ya sa da tambayar nake farawa.

Amsar ita ce, in aka toshe famfon, ƙarfin lantarkin ba ya rushewa nan take. 'Yan mV kaɗan ke raguwa, saura kuma sai a hankali, cikin dogon lokaci. Irin gubar da ke cikin kwankwani, wanda mafarauta ke shafa wa kibiya, wannan famfon take toshewa, kuma da danginta ake yin gwajin a ɗakin bincike.

Babban aikin famfon shi ne tara kaya. Yana ƙona ATP ɗaya, wato makamashin da ƙwaya ke aiki da shi, a kowane zagaye har K+ ya kai wajen milimol 140 a lita a cikin ƙwaya, alhali a waje bai wuce 5 ba. Na+ kuwa akasin haka ne: kusan 145 a waje, 15 a ciki. Nakan ce musu su tuna tankin ruwan da ke kan rufin gidajen unguwarmu. Inji ne ke cika shi, amma in wuta ta ɗauke, ruwa ba ya daina zuba a take, sai tanki ya ƙare.

Inda lantarkin ke fitowa shi ne fatar ƙwayar. A lokacin hutu akwai ƙofofin K+ da ke buɗe kullum, na Na+ kuwa kaɗan ne ƙwarai. K+ ya yi yawa a ciki, don haka yana zurarewa waje. Amma kowane ɗaya da ya fita ya tafi da cajinsa na +, ya bar manyan furotin masu cajin - da ba su iya ratsa fatar. Cikin ya fara zama -, wannan - ɗin kuma yana janyo K+ ya komo. Nan misalin tanki ya gaza, domin ruwan da ya zuba ba abin da ke kiransa baya. Fitar tana tsayawa ne daidai inda turawar yawa da janyowar caji suka yi kunnen doki, kuma lissafin Nernst ke faɗin wurin, a zafin jiki na 37°C:

```
E = 61.5 × log([K+ waje] / [K+ ciki])
E = 61.5 × log(5 / 140) ≈ -89 mV
```

Abin da ya fi ba ni mamaki da na gane shi: K+ ɗin da ke fita don a kai wannan adadi bai taka kara ya karya ba. In ka auna 140 ɗin nan bayan an daidaita, 140 za ka sake samu.

Wata ɗaliba ta tambaye ni, "Yaya, to me ya hana ya zauna a -89?" Na+ ne. Nasa lissafin yana ba da kusan +60 mV, kuma ɗan abin da ke sulalowa ciki yana jan adadin sama har wajen -70. Saboda ƙofofin K+ sun fi yawa nesa ba kusa ba, adadin ya fi kusa da na K+. A -70 ɗin kuwa babu wanda ya samu daidaito, K+ na ta fita, Na+ na ta shiga, famfo na mayar da kowa gidansa ba dare ba rana.

Sai na ba su lissafin da ya sa na daina ɗaukar darasin nan abin hadda. Majinyaci ne ƙodarsa ta gaza, K+ na jininsa ya tashi daga 5 zuwa 10. Famfonsa lafiya lau. A sa 10 a gurbin 5, amsa ta koma kusan -70 mV maimakon -89. Ƙwayoyin tsokar zuciya, waɗanda ke hutawa kusa da -90, sun matsa sama da kusan mV 19. In suka daɗe a haka, ƙofofin Na+ masu tayar da bugu sai su kulle, saƙo ya riƙa tafiya a hankali, bugun zuciya ya rikice har ya iya tsayawa. A takardar ECG, wato gwajin lantarkin zuciya, alamar farko da aka saba gani ita ce tudun da ake kira T ya yi tsawo ya yi tsini. Na sa su maimaita lissafin da K+ na waje a 2.5, su faɗa mini da kansu ta wane gefe adadin ya nufa kafin su taɓa kalkuleta.