Lita 27 da suka ɓata tsakanin Kano da Kaduna

A aikin sa ido kan motocin kai kaya, abin da na fara kamawa shi ne taswirar GPS ba ta yanke hukunci ita kaɗai. Tana nuna inda mota ta bi da inda ta tsaya, amma sai an ɗora ta a kan takardar shan mai kafin magana ta fito. Lissafin man kuma ba ya yiwuwa sai an cika tanki maƙil kafin tashi, an sake cika shi bayan dawowa. Abin da ya shiga a karo na biyu shi ne abin da motar ta ƙona.

Akwai wata mai taya goma da muke aikawa Kaduna daga Kano, kusan kilomita 460 zuwa da dawowa. Da irin lodinta takan sha lita 30 a kilomita 100, wato wajen lita 138. Ran nan ta sha 165, ta kuma sauke kaya a makare. Nan take maigida ya ce direba ya zuƙe mai ya sayar.

Na buɗe rahoton tsayuwa. Awa huɗu injin na aiki mota ba ta motsa ba, kuma babbar mota takan ci kusan lita 3 a awa a tsaye, lita 12 ke nan. Uku daga cikin awannin a ƙofar sito na mai karɓar kaya aka yi su, ana jiran 'yan dako. Ashe direban ya iso kan lokaci, lattin na masu sauke kaya ne. Da na tambaye shi dalilin barin injin a kunne, sai ya ce: "Yallaɓai, batirin ya yi sanyi. In na kashe ta, wa zai tura mini ita da lodi?" Ya kuma ce tuni ya kai ƙorafin gareji.

Sai ratse na kilomita 30 a wajen Zariya, lita 9. Wannan kam laifinsa ne, ya amsa cewa kayan wani ya kai. Ragowar lita 6 ba a tuhumar mutum a kansu, domin nauyin kaya, iskar taya da cunkoso kan jawo hakan.

Satar mai tana da kamanninta. A motar da aka sa wa ma'auni a tanki, za ka ga mai ya faɗi lokaci guda alhali injin a kashe yake. Ƙonawa kuwa a hankali take sauka. Ita ma na'urar GPS ɗin tana ruɗi: inda babu sabis takan ja miƙaƙƙen layi a taswira, ta rage kilomita. Shi ya sa duk tafiya nake gwada lissafinta da mitar motar kafin in kira direba ofis.