Talata: tambayar ginshiƙan Girka da Rum

Yau muka rubuta jarrabawar tarihin gine-gine. Na yi niyyar kwanciya bayan isha'i, amma amsar da na ba wa tambaya ta biyu tana ta yi mini yawo a kai, shi ya sa na ga gara in zuba ta a nan tun ba ta dusashe ba. Tambayar cewa ta yi a kwatanta salon ginshiƙai na Dorik, Ayonik da Korintiyan ta fuskar awo, ado da ma'ana. Kowa a ajinmu ya san za ta fito, kuma kusan kowa ya shiga da hadda iri ɗaya: Dorik takwas, Ayonik tara, Korintiyan goma, namiji, mace, budurwa. Ni na shiga ne da ƙudurin cewa duk adadin da zan rubuta sai na faɗi na wane ne da kuma zamaninsa, domin a nan ne tambayar take da nama.

Na fara da ma'auni. Ba a auna ginshiƙin nan da mita, ana auna shi da jikinsa. A ɗauki kaurinsa daga ƙasa, sai a duba sau nawa kaurin ya shiga cikin tsayi. Takwas, tara da goma da muka haddace na Binyola ne, magini ɗan Italiya da ya fitar da littafinsa a 1562. Shi ya ba salon Toskan bakwai, ya ba Komfosit goma kamar Korintiyan, ya kuma ce kayan da ginshiƙi yake ɗauke da su a ka su zama kashi ɗaya cikin huɗu na tsayinsa. Na yi lissafin a gefen takarda don malami ya gani da idonsa. Idan kauri santimita 60 ne, Dorik zai kai mita 4.8, Ayonik 5.4, Korintiyan 6. Kayan saman kuma mita 1.2, 1.35 da 1.5. Kauri bai canza ba, amma na ƙarshen ya fi na farkon da mita ɗaya da ɗoriya, shi ya sa ido yake ganinsa siriri.

Daga nan na ɗora ƙa'idar a kan ginin gaske. Ginshiƙan haikalin Fatenon da ke kan tudun Akurofolis a Atens, wanda aka gina daga 447 zuwa 432 kafin miladiyya, tsayinsu wajen mita 10.4 ne, kaurinsu wajen mita 1.9. In aka raba, biyar da rabi ake samu. Da da ƙa'idar Binyola aka gina su, da sun wuce mita 15. Tsohon haikalin Hera na Faistum a kudancin Italiya, wanda ya girme shi da kusan shekara 100, ya ma fi haka gajarta, wajen huɗu da rabi. Shi kuma Bituruwiyas, maginin Rum da ya yi rubutu a zamanin Augustas, cewa ya yi mutanen farko sun auna tafin ƙafar namiji suka ga kashi ɗaya cikin shida na tsayinsa ne, sai suka ba Dorik shida, suka ba Ayonik takwas, daga baya masu son siranta suka mayar da su bakwai da tara. Ke nan Dorik ɗaya tana da huɗu da rabi, biyar da rabi, shida, bakwai, takwas, ya danganta da wanda ka tambaya. Abin da na kammala sashen da shi shi ne jerin bai taɓa juyawa ba, Dorik ce mai kauri kullum, amma kowane salo ya yi ta sirancewa da tafiyar zamani.

Sashen ado ya fi cin lokacina, kuma shi na fi jin daɗin rubutawa. Na zana ginshiƙan uku a jere, na bi su daga ƙasa zuwa sama. Dorik ta Girka ba ta da gindi, a kan daɓen haikali take tsaye kai tsaye. Jikinta yana da kwarmi 20 da suke haɗuwa a kaifi, kanta kuma matashi ne zagayayye da allo mai kusurwa huɗu a bisansa, shi ke nan. Ayonik tana da gindi, kwarminta 24 ne masu zurfi da ɗan fili tsakaninsu, kanta yana da naɗi biyu, dama da hagu. Korintiyan tana da gindi da jiki irin na Ayonik, sai dai kanta dogo ne, da ganyen akantus sahu biyu da ƙananan naɗi a kusurwoyi. A nan na kawo wani abu da Bituruwiyas ya lura da shi wanda yake haɗa ado da awo. Kan Ayonik sulusin kauri ne, kan Korintiyan kauri ɗaya cif. Saboda haka ƙarin tsayin Korintiyan a wurinsa daga kai yake, ba daga jiki ba. Ya kuma ce ba ta da kayan sama nata na kanta, aro take yi daga sauran biyun.

Inda na fi daɗewa shi ne ɗamarar da ke saman ginshiƙan Dorik. A jikinta ana jera tiraigilif, wato dutse mai tsagi a tsaye, da metofi, wato fili mai kusurwa huɗu da ake yi wa sassaƙa. Fatenon tana da metofi 92. Bituruwiyas ya ce tiraigilif kwaikwayon bakin itacen rufi ne na zamanin da ake gini da katako, kamar yadda bakin azara yake jeruwa a kan bango kafin a shafe shi. Ƙa'ida ta ce a sa tiraigilif ɗaya daidai tsakiyar kowane ginshiƙi, ɗaya kuma a tsakanin kowane biyu. Amma Girkawa suna son ɗamarar ta ƙare da tiraigilif a bakin kusurwa, alhali tsakiyar ginshiƙin ƙarshe tana can ciki kaɗan. In ka tura tiraigilif zuwa kusurwa, metofin da ke kusa da shi zai fi 'yan'uwansa faɗi. Maganin da suka samo shi ne matso da ginshiƙin kusurwa kusa da maƙwabcinsa. A Fatenon tazarar kusurwa ta gaza sauran da kusan santimita 60. Wannan ya nuna ado ne yake ba awo umarni a Dorik. Ita Ayonik ɗamararta a miƙe take ba yanka, ana iya buɗe tazarar ginshiƙai yadda ake so. Har Bituruwiyas ya ba da labarin Hamojinis, wani maginin Girka, wanda ya tanadi marmara don haikalin Dorik, sannan ya sauya ra'ayi ya gina na Ayonik saboda wannan matsala. Na ƙara layi ɗaya cewa Ayonik ma tana da nata ciwon kusurwar, domin naɗinta fuska biyu kawai yake kallo, gaba da baya, sai an karkata naɗin kusurwa waje. Kan Korintiyan kuwa ta ko'ina ka dube shi iri ɗaya ne, kuma ina ganin wannan yana cikin abin da ya sa Rumawa suka rungume ta.

Da na zo ma'ana, lokaci ya fara ƙurewa, hannuna kuma ya gaji. Na rubuta abin da ake jira: Dorik ƙarfin namiji ba ado, Ayonik mace mai kamun kai wadda naɗin yake kamar gashinta, kwarmin kuma kamar ninkin tufarta, Korintiyan sirantar budurwa. Na kawo labarin kwandon da aka ajiye kan kabarin wata yarinya a Korinti aka rufe da fale-falen rufi, akantus ya tsiro ya kewaye shi, masassaƙi Kalimakus ya gani ya kwaikwaya. Na faɗa a fili cewa labari ne da Bituruwiyas ya kawo shekaru ɗaruruwa bayan zamanin Kalimakus. Na kuma jera rabon da ya yi wa gumakansu: Dorik ga Minaba, Mas da Hakulis, Korintiyan ga Binus da Fulora, Ayonik a tsakiya ga Juno da Dayana.

Sannan na gwada rabon da gine-gine. Haikalin Artimis, wato Dayana, na Afisa Ayonik ne, ya dace. Fatenon Dorik ce ta Atina, wadda Rumawa suke kira Minaba, ita ma ta dace. Amma a kan tudun nan dai akwai ɗan ƙaramin haikalin Atina Nike, kuma Ayonik ne. Hera, wato Juno, tana da haikalin Ayonik a Samos, tana da na Dorik a Olimfiya da Faistum. Wanda ya fi duka ƙarfi shi ne haikalin Mas Ulto a birnin Rum, da Augustas ya buɗe a shekara ta 2 kafin miladiyya. Na gunkin yaƙi ne, mai ɗaukar fansa, amma ginshiƙansa Korintiyan ne, salon budurwa. Na rubuta cewa a farkon zamanin Girka yanki ya fi jinsi tasiri, Dorik a babban yankin Girka da kudancin Italiya, Ayonik a tsibirai da gaɓar Asiya Ƙarama, a Rum ta sarakuna kuma Korintiyan ta zama alamar dukiya da mulki.

Bayan mun fito, ƙawata ta tare ni a ƙarƙashin darbejiya, tana ta fifita da takardar tambayoyi. Ta ce, "Ke, me kike ta rubutawa har da ƙarin takarda? Ai tebur kawai na zana, layi uku, gida uku." Na gaya mata abin da na yi. Ta ce, "To ba kya tsoron Malam ya ce kin ƙaryata littafi?" Na ce mata ban ƙaryata kowa ba, na ba Binyola nasa, na ba Bituruwiyas nasa, na ba duwatsun nasu. Ta yi shiru kaɗan, sai ta ce ita ta sa Kolosiyam, babban filin wasan birnin Rum, a matsayin misali, inda aka ɗora salon uku hawa-hawa, mai kauri a ƙasa, Ayonik a tsakiya, Korintiyan a sama. Na ce wannan misali ne mai kyau ƙwarai, domin a can ginshiƙan manne suke da bango, bakunan gini ne suke ɗaukar nauyi, amma duk da haka an bi tsarin nauyi a ƙasa, sauƙi a sama. Muka yi ta musu a hanyar ɗakin kwana kan ko hawan ƙasan Dorik ne ko Toskan, tunda ginshiƙansa suna da gindi, ba kwarmi, ba tiraigilif. Ita ta tsaya a kan Dorik ta Rum, ni na karkata ga Toskan, har muka sayi awara a bakin ƙofa ba mu daidaita ba. Mun dai yi alkawarin gobe bayan jarrabawar kayan gini za mu shiga laburare mu nemo zanen hawan mu auna kauri da tsayi da rula.