Rasista ɗaya da na bari a ƙofa ta biyu ta cinye mini yini

Har yanzu abin na yi mini ciwo, domin da'ira ce mai rasista uku kacal. Na jera su a siffar T a kan allon gwaji: `Ra` mai om 100 a hannun hagu, `Rb` mai om 220 a hannun dama, `Rc` mai om 470 kuma a tsaye, daga mahaɗar biyun zuwa layin ƙasa. Bakin hagu da layin ƙasa su ne ƙofa ta ɗaya, bakin dama da layin ƙasa ƙofa ta biyu. Abin da nake nema shi ne lambobin imfidans guda huɗu, wato boltej a raba da wuta, da ke cikin wannan lissafi, inda `V1` da `I1` su ne boltej da wutar ƙofa ta ɗaya, `V2` da `I2` kuma na ƙofa ta biyu:

```
V1 = Z11*I1 + Z12*I2
V2 = Z21*I1 + Z22*I2
```

A takarda aikin minti biyu ne. Idan ƙofa ta biyu a buɗe take, ba a haɗa mata komai ba, wuta ba ta bi ta `Rb`, don haka `I2` sifili ce. Wutar da ta shigo ta hagu za ta ratsa `Ra` ta gangara ta `Rc`, `Z11` ya zama jimlarsu, om 570. Tunda kuma boltej ba ya raguwa a rasistar da wuta ba ta bi ta cikinta, abin da ke bakin ƙofa ta biyu shi ne abin da ke kan `Rc`, wato `Z21` om 470 ne. Idan aka juya aka ba da wuta ta dama, `Z22` om 690 ne, `Z12` kuma 470.

Da na zo awo sai na ba ƙofa ta ɗaya bolt 5. Ya kamata mita ta nuna miliamfiya 8.77 tana shiga, da bolt 4.12 a ƙofa ta biyu. Abin da na gani miliamfiya 11.38 ne da bolt 3.17. Na raba, `Z11` ya fito 439, `Z21` kuma 278. Na mayar da wutar ƙofa ta biyu, can kuwa komai ya zauna daidai: miliamfiya 7.25 ta shiga, bolt 3.41 ya bayyana a hagu, wato 690 da 470.

A nan ya kamata in tsaya in yi tunani, amma ban tsaya ba. Da'irar da rasista zalla ce a cikinta dole `Z12` ya yi daidai da `Z21`. Ko da rasistocin sun kauce wa ƙimar da ke jikinsu, lambobin nan biyu tare za su kauce, saboda duk biyun `Rc` ɗin nan ɗaya suke nunawa. Saboda haka 470 a wani gefe da 278 a ɗaya gefen ba laifin kaya ba ne, laifin awo ne. Ni kuwa sai na hau zargin kaya. Na zare rasistocin ɗaya bayan ɗaya na auna, na canza mai 470 da sabuwa, na canza batirin mita. Rasista mai zoben zinare kashi 5 cikin ɗari kawai aka yarda ta kauce, mai 470 ba za ta wuce tsakanin 446 da 494 ba. Wannan kaɗai ya isa ya gaya mini cewa 278 ba daga nan ya fito ba.

Mai laifin rasista ce ta om 1000 da na bari a bakin ƙofa ta biyu tun daga wani gwajin lodi da na yi kafin wannan. Zobbanta ruwan ƙasa, baƙi, ja. Na mai om 100 ruwan ƙasa, baƙi, ruwan ƙasa, ido ya saba da ganinta har ya daina lura. Lokacin da na mayar da wayoyin wuta dama, ramukanta nake buƙata, sai na zare ta ba tare da na kawo komai a raina ba, na kuma mayar da ita da na dawo hagu. Shi ya sa awon dama ke fitowa daidai kowane lokaci, na hagu kuma yake ƙin fitowa.

Da lodin nan a wurin, wutar da ta iso mahaɗa tana rabuwa biyu. Wani kaso ya gangara ta 470, wani ya bi ta 220 da 1000, wato 1220. Haɗin hanyoyin biyu ya ba da kusan om 339, a ƙara 100, ga 439 ɗin da na yi ta gani. Mita ba ta yi ƙarya ba. Ta auna imfidans ɗin shiga na da'ira mai lodi, ni kuma na sa masa sunan `Z11`. Ba ya zama `Z11` sai `I2` ta zama sifili na gaskiya. Babu kuma abin da zai yi zafi ko wari ya ankarar da mutum, don ƙarfin da ke kan kowace rasista bai kai ko kusa da rubu'in wat ɗin da take iya ɗauka ba.

Da na gano, na mayar da lambobin da suka ruɗe ni cikin lissafin don in tabbatar, a nan kuma akwai wani tarkon. A ƙa'idar ƙofa biyu, `I1` da `I2` duk ana ɗaukarsu a matsayin masu shiga da'ira. Wutar da ke zuwa lodi fita take yi, don haka alamarta ta ragi ce: bolt 3.165 a kan om 1000 ya ba da `I2 = -3.165 mA`.

```
V1 = 570*0.01138 - 470*0.003165 = 5.00
V2 = 470*0.01138 - 690*0.003165 = 3.165
```

Sai da na ga 5.00 ɗin nan hankalina ya kwanta. Wanda ya manta alamar ragi zai samu bolt 7.97 daga tushen da bolt 5 yake bayarwa, wanda ba zai yiwu ba.

Yanzu kafin in ba da wuta, nakan sa mita a awon om in taɓa ƙofa ta ɗaya. Idan ɗaya ƙofar a buɗe take, 570 zan gani kai tsaye, idan na ga ƙasa da haka to akwai abin da ke rataye a can. Da na yi wannan tun farko, da daƙiƙa goma sun ishe ni. Kada kuma a jona mitar awon amfiya tsakanin bakunan ƙofar da ake so ta zauna a buɗe wai don a tabbatar wuta ba ta bi. Mitar amfiya kusan waya ce zalla, rufe ƙofar take yi, kuma a wannan da'irar amsar za ta faɗo zuwa om 250.

Mitar bolt ma lodi ce, sai dai mara nauyi. Yawancin mitocin dijital om miliyan 10 ne a cikinsu, wanda ba ya taɓa da'irar ɗaruruwan om. Amma a ce rasistocin uku kowace om miliyan 1 ce, mitar da kanta za ta ja wuta ta `Rb`, `Z21` ya fito kusan dubu 833 maimakon miliyan 1. Cuta ɗaya ce da tawa, illa dai wannan lodin ba a iya zare shi. Sai a lissafa `I2` daga boltej ɗin da mitar ta nuna a raba da miliyan 10, a sa masa alamar ragi, a shigar da shi lissafin.

Da na zare mai 1000 ɗin na sake awo, na bi ta baya don dubawa: `Z21` shi ne `Rc`, `Z11 - Z12` ya ba da `Ra`, `Z22 - Z21` ya ba da `Rb`. Duk ukun sun faɗo cikin kashi 5 na 470, 100 da 220.